Jawabin ban kwana ga Baban rajista: inda na kai a koyon yabo ba tare da zuzutawa ba

Assalamu alaikum, 'yan uwana masu koyon rubuta jawabi. Makonni uku da suka wuce aka ɗora mini nauyin yin magana a madadin ƙananan ma'aikata a walimar ban kwana da aka shirya wa shugaban ɗakin ajiye fayiloli na ofishinmu, dattijon da duk muke kira Baba, wanda ya cika shekara 35 yana aiki. Kamar yadda kuka sani, a aikin gwamnati a Najeriya ma'aikaci yana yin ritaya ne idan ya kai shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa, kuma shi ta biyun ce ta riske shi. An ba ni minti biyar. Na ga ya dace in rubuta muku yadda aikin ya gudana, domin wannan ne karo na farko da na gane cewa yabon mutum a gaban waɗanda suka san shi ya fi kowane irin jawabi wuyar rubutawa.

Rubutun farko na gama shi cikin dare ɗaya, kuma a lokacin na gamsu da shi. Na kira Baba ginshiƙin ma'aikatarmu, na ce babu kamarsa, na ce tsawon aikinsa bai taɓa makara ba, bai taɓa saɓawa da kowa ba, sannan na rufe da cewa ya bar giɓin da ba za a iya cike shi ba. Washegari na kai wa wata Hajiya, babbar akawu da ta yi fiye da shekara 20 tana aiki tare da shi, na karanta mata. Ta saurare ni har na kai aya, sannan ta ce: "Ɗan nan, ka ce bai taɓa makara ba. Kana nan lokacin da yake zuwa daga bayan gari a kan keke, damina ta tsare shi? Mu da muke nan mun sani, shi ma ya sani." Daga nan ta ɗora yatsa a kan jimlar ƙarshe, ta tambaye ni ko na tuna cewa wanda zai gaje shi, yaron da shi Baban ya horar da hannunsa, zai kasance a zaune a sahun gaba yana jin ana cewa ba zai iya cike gurbin ba.

Wannan gyara nata ya nuna mini illa biyu da ban lura da su ba. Ta farko, kalmomi irin su "bai taɓa", "kullum", "babu kamarsa" da "kowa ya shaida" suna buɗe ƙofar musu a zuciyar mai sauraro, domin da zarar mutum ɗaya ya tuna ranar da abin bai kasance haka ba, sauran maganar ma, har da ta gaskiya, sai ta rasa nauyi a wurinsa. Ta biyu, yabon da ya wuce kima yakan ɗaga mutum ɗaya ne ta hanyar taka wasu, ko da mai maganar bai yi nufin haka ba. Na kuma tuna hadisin da Abu Bakrata ya ruwaito, wanda yake cikin Bukhari da Muslim, inda wani ya yabi wani a gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai Annabi ya ce masa da wannan yabon tamkar ya riga ya yanke wuyan abokinsa ne, ya kuma koyar da cewa wanda ba makawa sai ya yi yabo, to ya ce yana zaton wane haka yake, Allah ne mai yi masa hisabi. Ba ina cewa kirari ba shi da muhalli ba ne. Idan maroƙi ya wasa basarake, masu sauraro sun san zuga ce, kuma a haka suke karɓar ta. Amma abokin aiki da ya miƙe a taron ofis, maganarsa shaida ake ɗaukar ta, kuma shaida sai da abin da aka gani.

Saboda haka na ajiye rubutun gaba ɗaya, na koma neman kayan aiki. Na zaɓi mutum uku: wanda ya taɓa shugabantarsa, Hajiya da take tsararsa, da masinjan da ya fi daɗewa a ƙarƙashinsa. Da farko na yi kuskuren tambayarsu wane irin mutum ne Baba, sai duk suka ba ni amsa iri ɗaya, cewa mutumin kirki ne, mai haƙuri, mai riƙon amana, wato kalmomin da za a iya faɗa a kan kowane dattijo. Da na sauya tambayar, na ce kowa ya ba ni labarin rana ɗaya da ba zai manta da ita ba a aikinsu tare, nan ne bakuna suka buɗe. Wannan sauyin tambaya shi ne abu mafi amfani da na koya a duk makonnin nan, kuma ina ba ku shawarar ku gwada shi.

Masinjan ne ya ba ni abin da ya zama zuciyar jawabin. Ya ce wata mata da mijinta ya rasu yana cikin aiki ta yi ta zarya tana neman haƙƙoƙinsa, ana ce mata ba a ga fayil ɗinsa ba. Baba ya ɗauki babban littafin da ake rubuta shige da ficen fayiloli, ya bi sahu shafi bayan shafi har ya gano ofishin da aka kai shi na ƙarshe, sannan su biyu suka kwashe kwana uku suna zama bayan an tashi aiki, suna sauke tsofaffin ɗaurin takardu a wani sito da gara ta fara ci, har suka same shi an ɗaure shi cikin na wani sashe. Da matar ta kawo masa tukwici, sai ya ce ta mayar ta sayi abinci wa marayu. Ban ɗauki labarin daga baki ɗaya ba, sai da Hajiya ta tabbatar mini da shi, kuma na cire duk abin da zai sa a gane matar.

Ga yadda sakin layin ya kasance a rubutu na uku, domin ku ga bambancinsa da na farko: "Ba zan ce muku Baba bai taɓa gajiya ba, amma zan faɗa muku abin da aka gani. An ga shi ya yi kwana uku a cikin ƙura yana neman fayil ɗin mamacin da bai haɗa komai da shi ba, kuma an ga ya ƙi karɓar ko sisi a kan haka. Muna kyautata masa zato, Allah ne ya san abin da yake cikin zukata, muna roƙon ya saka masa da alheri." Za ku lura cewa kalmar amana ba ta fito ba ko sau ɗaya, domin masu sauraro da kansu za su furta ta a zuciyarsu, kuma abin da mutum ya yanke wa kansa hukunci a kai ya fi zama a ransa fiye da abin da aka faɗa masa.

Wurin da na fi daɗewa ina jinjinawa shi ne batun tsananinsa. Kowa ya san Baba ba ya barin fayil ya fita daga ɗakinsa sai an sa hannu a littafi, ko da darakta ne ya aiko, kuma da yawa daga cikinmu mun sha jin haushin hakan. Idan na ce bai taɓa ɓata wa kowa rai ba, na yi ƙarya; idan kuma na yi shiru, na zubar da abin da ya fi bayyana shi. Sai na faɗe shi yadda yake, na ce mun sha komawa hannu rabbana saboda babu sa hannu, amma wannan littafin da muke ƙorafi a kansa shi ne ya kai ga gano fayil ɗin marayu. A ganina, halin da ya dami mutane amma ya amfani aiki ya cancanci a ambace shi. Abin da bai kamata a taɓa ba shi ne wanda zai kunyata mutum a gaban iyalinsa, kamar rashin lafiya, ko bashi, ko jinkirin ƙarin girma, don haka ban kusanci ko ɗaya daga cikinsu ba.

Akwai kuskuren lissafi da na kusa yi, wanda ya kamata ku kiyaye. Na ɗauko ranar fara aikinsa daga wata takarda, da na ƙirga sai na ga shekara 33, ashe takardar tabbatar da aiki ce, wadda bisa ƙa'ida ake bayarwa bayan shekara biyu na gwaji, ba ta ɗaukar aiki ba. Na koma sashen ma'aikata na duba ta ainihi, sannan na tambayi shi Baban da kansa sassan da ya yi aiki da jerinsu.

Dangane da tsawo, na auna kaina da agogo na ga ina karanta kalma kusan 110 a minti ɗaya idan ban yi gaggawa ba, wato minti biyar ba zai ɗauki fiye da kalma 550 ba, kuma gaishe da manyan baƙi kaɗai yana cin kusan minti guda. Dole ta sa na zubar da labarai biyu masu kyau na riƙe ɗaya. Na kuma tsara cewa mafi yawan jawabin zan fuskanci jama'a ne ina magana a kansa, domin dattijo mai kunya ba ya jure a tsare shi da ido ana yabonsa, sai a jimloli uku na ƙarshe na juya gare shi na ce: "Baba, mun gode muku. Abin da muka yi muku ba daidai ba, ku yafe mana. Allah ya sa ku huta lafiya, ya ba wanda kuka horar ikon ɗorawa daga inda kuka tsaya."

Ranar walimar, lokacin da na kai labarin siton, Baba ya sunkuyar da kai yana murza hularsa a kan gwiwa, masinjan kuma yana gyaɗa kai daga bayan ɗaki. Amma ban fita ba tare da gyara ba. Na yi sauri a daidai wurin da ya kamata in dakata, wato bayan ambaton tukwicin da ya mayar, har addu'ar ta shige cikin labarin kafin mutane su samu damar cewa amin. Sannan na manta ban gaishe da uwargidansa da sunan girmamawa ba, alhali tana zaune kusa da shi, kuma ita ma ta ɗauki rabonta na waɗannan shekaru 35. Yanzu ina sa alamar dakatawa da jan biro a takardata, ina kuma neman jerin iyalan da za su halarta tun kwana biyu kafin taro. Wata mai zuwa direbanmu ne zai yi ritaya, kuma na riga na fara tambayar waɗanda suka yi doguwar tafiya da shi.