Reshe biyu a tafin amarya

Ni mai ƙunshi ce a Tudun Wada, kuma duk wadda ta yi shekara 9 tana riƙe tafin hannun mata dole idonta ya saba da zanen da ke ciki. Daga nan ne ƙaiƙayi ya ja ni na fara karance-karance a kan abin da masu duba tafi suke faɗa, musamman kan layin da suke kira layin kai. Shi ne na tsakiya, wanda yake tasowa tsakanin babban yatsa da manuniya, sau da yawa a manne da layin rai, wato wanda ya kewaye gindin babban yatsa, sannan ya ratsa tafin.

A wajensu, idan ya miƙe samɓal ya nufi gefen hannu, mai shi mutum ne na lissafi, ba ya yarda da abu sai ya gani a ƙasa. Idan ya gangara ya nufi tudun da ke kusa da wuyan hannu ta ɓangaren ƙaramin yatsa, wanda suke kira tudun wata, to mai zurfin tunani ne da ƙirƙira, kuma wai iya gangarowarsa iya nisan mafarkinsa. Na uku shi ne wanda ƙarshensa ya rabu biyu, reshe ɗaya ya miƙe, ɗaya ya sauka. Wannan yabo ne a wurinsu: sun ce mai shi ya haɗa halayen biyu, yana duban magana ta kowace fuska, har suna danganta shi da marubuta.

To wannan na ukun ne ya ja mini.

Ranar sa lalle ce a Unguwar Rimi. Ɗaki cike, ƙawaye na ta shewa, ina liƙa wa amarya salatif kafin in shafa jan lalle. Ta ɗan lanƙwashe hannun saboda na riga na zana mata bayansa. Sai na hango kamar layin ya rabu. Bakina bai tsaya ba, na ce, "Kai, amarya, ke mai tunani biyu ce!"

Ni yabo nake nufi. Ban san gwaggon ango na zaune a bayana ba. Ta ce, "'Yar nan, me kika ce? Zuciya biyu gare ta?"

Na ce, "A'a Hajiya, ba haka ba ne," amma ina, magana zarar bunu ce. Kafin la'asar tunani biyu ya koma fuska biyu, kafin magariba an ce mai ƙunshi ta yi duba ta ga amarya tana da wani a zuciya. Yarinyar ta yi kuka har kwallinta ya zubo. Uwarta ta miƙo mini kuɗina ba ta ko dube ni ba, kuma bukukuwa 2 da aka riga aka yi mini magana a danginsu, shiru kake ji.

Abin da har yau yake ci mini rai, reshen ma babu shi. Da zan tafi na roƙe ta ta buɗe hannun sosai. Layin miƙaƙƙe ne, ɗan guntun zane ne ya gifta ƙarshensa. Idan an dunƙule tafi ko kaɗan, fata tana tattaruwa, miƙaƙƙen layi ya yi kamar ya gangara, ƙananan zane su yi zurfi kamar rassa. Ko a ƙa'idar masu abin, ana shimfiɗa hannu ne a haske, a duba duka biyun, domin na dama da na hagu ba lalle su zo ɗaya ba, kuma reshe sai ya fita daga jikin layin da kauri kusan irin nasa. Ni hannu ɗaya na kalla, a lanƙwashe, rabinsa a ƙarƙashin salatif.

Bayan nan na bi hannun mutanen gidanmu, waɗanda na san halinsu tun ina yarinya. Innarmu, wadda take lissafin kuɗin adashin mata 20 da ka, ba ta taɓa ɓata ko naira ba, layinta ya gangara har kusan wuyan hannu. Yayana tela, wanda ba ya ɗinka riga biyu iri ɗaya, nasa kamar an ja da rula. Ƙanwata da ke aikin jinya ta yi ta dariya, ta ce zanen nan wurin lanƙwasawar hannu ne kawai, yana fitowa tun ɗa na ciki, wajen wata 3.

Baba kuwa bai yi dariya ba. Ya ce, "Ke da na sani da ƙunshi, yaushe kika koma boka?" Na ce ai hali nake faɗa, ba gaibu ba. Ya ce matan da ke ɗakin ba su ji bambancin ba.

Makon jiya wata ta miƙo mini tafi, reshe biyu ɓaro-ɓaro, na gaske wannan karon, ta ce, "Anti, an ce kin iya karanta hannu." Na ce mata ja take so ko baƙi.