Wata na bakwai da jerin kalangu da kotso: inda na kwana

'Yan'uwa masu koyon wannan sana'a ta haɗa jerin waƙoƙi tare da ni, ga labarin inda jerina ya kai. Na buɗe shi a Spotify, wadda ta fara aiki a Najeriya a watan Fabrairun 2021, kuma wata uku na farko mabiyansa ba su wuce goma sha ɗaya ba. Dukkansu na san su, har da ƙanina da na karɓi wayarsa na danna masa da hannuna. Yau sun kai ɗari da arba'in, kuma mafi yawansu ban san ko su wane ne ba, domin manhajar adadi kawai take nuna wa mai jeri, ba ta faɗin suna, ba ta kuma faɗin sau nawa aka saurara. Wannan adadin ne kaɗai ma'aunina, shi ya sa nake rubuta shi a littafi kowace Juma'a, tare da abin da na sauya a makon.

Abin da ya fi komai tasiri shi ne suna. Da farko na raɗa masa "Zaɓin Raina". Ni ya yi mini daɗi, amma babu mahalukin da zai buɗe wurin bincike ya rubuta haka. Mai nema abin da yake son ji yake rubutawa: waƙoƙin gargajiya, ko kalangu, ko sunan makaɗi. Sai kuma na lura cewa ban isa in sa suna mai kyau ba muddin jerin kansa bai san abin da yake ba. A lokacin har waƙoƙin biki na zamani da na bege duk suna ciki, sittin da 'yan kai, kamar kayan koli. Na zauna na fitar da duk abin da ba kiɗan gargajiya na maza ba, na bar na kalangu da na fada, wato kotso da taushi. Ashirin da biyu suka rage. Waƙoƙin amada na kiɗan ƙwarya sun fi ba ni wuyar cirewa, don ina ƙaunarsu, amma na ware musu jeri nasu daban. Sannan na rubuta sabon suna:

```
Wakokin Gargajiya na Hausa: Kalangu da Kotso
```

Za ku ga ban sa lanƙwasa a kan ƙ ba, kuma da gangan ne. Na daɗe ina jayayya da kaina a kan wannan, domin ba na son ganin Hausa an rubuta ta babu ƙugiya. Amma na duba yadda mutanen gidanmu suke rubutu a waya, babu mai neman ƙ ko ɗ a allon rubutu, k da d kawai suke bugawa. Don haka suna ya bi hannun mai nema, bayani kuma ya bi ƙa'idar rubutu. Ana ba da gurbin haruffa ɗari a suna, amma allon waya yana yanke wutsiyarsa, saboda haka kalmomi uku na farko su ne za su ɗauki nauyin. Sauya suna ba ya taɓa adireshin jerin, wanda ka tura wa a baya zai ci gaba da buɗewa, mabiya ma suna nan. Kuma kada ka gwada bincike a wayarka, don manhajar ta san naka ne, za ta iya ɗora maka shi a sama. Ari wayar wani ka rubuta kalmomin. Ni a wayar maƙwabcina na fara ganin jerina ya fito, can ƙasa, bayan kusan mako biyu.

Bayani haruffa ɗari uku ne iyakarsa, kuma a layi guda yake zuba. Na farkon da na rubuta gaisuwa ce da godiya, ta cinye rabin gurbin. Yanzu abu uku kaɗai yake faɗa: irin kiɗan, lokacin da ya dace da shi, wato doguwar tafiya ko zaman yamma, da ranar da nake ƙara sabuwa. A nan ne kuma na sa sunayen makaɗa uku, Shata saboda masu neman kalangu, Ɗanƙwairo da Narambaɗa saboda masu neman kotso. Kada ka sa sunan wanda ba ya cikin jerin don jawo mutane. Wanda ya shigo bai tarar da shi ba fita zai yi, kuma ba zai dawo ba.

Hoton bango bai ɗauke ni lokaci ba da zarar na gane kuskurena. In ba ka sa naka ba, manhajar tana harhaɗa bangon faifai huɗu na farko, kuma na tsofaffin waƙoƙi galibi dusu-dusu suke. Na fara sa hoton taron hawan salla, ya yi kyau a kwamfuta, amma a waya hoton bai fi kan babban yatsa ba, sai ya zama tabo kawai. Na je wurin wani makaɗi a unguwarmu, na nemi izininsa na ɗauki kalangunsa shi kaɗai a kan jan kyalle, na yanke hoton ya zama murabba'i, na rubuta kalma ɗaya da manyan haruffa farare. Kada ya gaza fiksel 300 a kowane gefe, ni dai na sa wanda ya fi haka don kada ya dushe. Hoton da ka ɗauka da kanka kuma ya raba ka da rigimar haƙƙin mallaka.

Sabuntawa ce har yanzu nake koyo. A wata na biyar na sauya waƙa tara a rana ɗaya, har da ta farko, kuma a makon mabiya shida suka ragu. Mutum ya ajiye jerin ne don abin da ya ji, in ya dawo ya tarar da baƙin fuska sai ya sallama. Tun daga nan biyu nake sauyawa a mako, ran Juma'a, kuma uku na sama ba na taɓa su, sabuwa tana shiga ta huɗu. Ina auna jerin da awa, ba da yawan waƙa ba, domin waƙar fada ɗaya takan haura minti goma sha biyar. Awa uku nake riƙewa, in ɗaya ta shiga ɗaya ta fita. Ina kuma sauraron gaɓar da waƙa ke miƙa wa ta gaba, don wasu daga tsohon kaset aka kwafo su da shuuu ɗinsu, in ka jera su kusa da mai tsabtar sauti kunne yana jin faɗuwar. Irin waɗannan wuri guda nake tara su, wajen ƙarshe.

Wani abin da ya shammace ni shi ne waƙa takan daina buɗuwa idan mai haƙƙinta ya janye ta ko ya sake ɗora wata. Sai da wata mai sauraro ta aiko tana tambayar inda waƙar da take so ta shiga na duba, ashe uku sun yi toka-toka ban sani ba. Biyu na samo su a wani faifan na mayar. Yanzu kafin in ƙara komai sai na bi jerin daga sama har ƙasa.

Makon jiya wani ya yi mini tayin kuɗi in sa waƙarsa ta fiyano. Na ba shi haƙuri. Dokar Spotify ta hana karɓar kuɗi don sa waƙa a jeri, kuma ko ba ta hana ba, ba ta da wurin zama tsakanin kotso da taushi. Abin da zan gwada a wata na takwas shi ne ko kiɗan kuntigi zai zauna a jerin ba tare da na sauya suna ba. Zan sa guda ɗaya a gurbi na huɗu, in bar ta mako biyu, in ga abin da littafina zai nuna.