Hoton inji ba ya magana, sai ka kira abin da sunansa

Ina da shagon gyaran babur da sayar da kayan gyara a Kano, kuma yanzu rabin tambayoyin da nake samu ta waya suke zuwa. Mai babur yana can ƙauye, sai ya ɗauko hoton inji ya turo ta WhatsApp, ya ce: "Oga, inji na yoyon mai, me zan saya?" Hoton kuwa duk baƙi ƙirin.

Abin da nake fara tambaya shi ne, wane ɓari ka ɗauka? Mu muna lissafin hagu da dama ne kamar kana zaune a kan babur. A Boxer, giya da sarƙa suna hagu, kik da birkin ƙafa da murfin kulochi suna dama. Daga nan sai mu bi injin daga sama. Murfin bawul ne a can ƙoli, ƙasansa kan inji inda fulogi yake, sai bulok mai haƙarƙarin nan da ke shan iska, sannan cikin inji inda baƙin mai yake kwanciya. Kafireta tana bayan kan inji, salansa kuma ta gaba take fita.

Wani ɗan acaɓa ya turo min hoton ɓarin hagu, mai ya jiƙe ƙasan inji sharkaf. An riga an ce masa gasket ɗin bulok ne, wai sai an sauke kai. Na ce, ƙanena dakata tukuna, wanke injin, bari ya bushe, ka ɗan zaga gari, sannan ka sake ɗauka da rana. Mai ƙasa yake gangarowa, iska kuma tana kora shi baya, don haka wurin da ya jiƙe mafi sama kuma mafi gaba, nan ne tushen yoyon. Da hoto na biyu ya zo, bulok a bushe yake ƙayau. Man daga bayan ƙaramin sufuroket yake fitowa. Na sa ya cire murfin ya ɗauka kusa, sai ga oyil sil ta saki. 'Yar roba ce, ba a buɗe inji a canza ta. Wani lokacin ma ba yoyo ba ne, man da aka lafta wa sarƙa ne take fesowa.

In kuma ɗigon daga siririn tiyon ƙasan kafireta yake, shinshina. Fetur ne, kafireta ce ke ambaliya.

Amma fistin da ringi da bawul ba sa fitowa a hoto. Wanda ya ce min babur na hayaƙi ko inji na ƙara, bidiyo nake nema, ko ya kawo shi shago. Kuma kafin in aika kaya a mota, sai an turo min hoton tsohon a tafin hannu, da sunan babur ɗin, domin sil ɗin Boxer daban, na Jincheng daban.