Faktir ɗin da ba mu ci bashinta ba

Shekarata ta biyu ina riƙe wa wani Alhaji lissafi a shagonsa na kayan fata a Zango, nan Damagaram, na kusa jefa masa jaka 55 a rijiya da hannuna. Shagon yana da ɗan shafin intanet da ake nuna jakunkuna da takalma, wani yaro a Yamai ne ya gina shi, kuma duk shekara ana biyan kuɗin sunan shafin. Wannan kaɗai na sani a lokacin.

Wata safiya saƙo ya faɗo a imel ɗin shago da Faransanci, an rubuta `Dernier avis` da jan rubutu, wai gargaɗin ƙarshe. Ga sunan shafinmu daidai, ga lambar faktir, ga tambari mai kama da na hukuma. Kuɗi yuro 85, a biya cikin kwana biyar ko shafi ya rufe. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi, sai lissafi ya ba ni sefa 55,756. Na buga takardar na kai wa Alhaji don ya sa hannu.

Alhaji ba ya jin Faransanci, amma ya san kuɗi. Ya ce, "Ɗana, bara nawa muka biya, kuma wa muka ba?" Na ce, "Alhaji, sai na duba." Ya miƙo mini takardar ya ci gaba da jan tasbaharsa.

Da na tono rasit ɗin bara, jaka tara muka biya, kuma sunan kamfanin daban ne. Na kira yaron Yamai, ya ce in buɗe `lookup.icann.org` in rubuta sunan shafinmu. A nan ana ganin kamfanin da ke riƙe da sunan, wurin da aka rubuta `Registrar`, ana kuma ganin ranar ƙarewa. Saura mana wata huɗu cur. Abin da ya fi ba ni haushi, wannan rana a fili take ga kowa a duniya, adireshin imel ɗinmu kuma yana kan shafin. Ashe sanin da suka yi mana, wanda ya sa na amince, bai fi aikin minti biyu ba.

Sai na sake karanta takardar daga ƙasa. Can gindi, cikin rubutu ƙanana toka-toka, sun ce wannan tayi ne, ba faktir ba, kuma abin da ake saye shi ne "yi wa shafi rajista a injunan bincike". Da mun biya, sunan shafin ba zai ƙaru da ko kwana ɗaya ba, bayan wata huɗu mu sake biyan na gaskiya. Google kuwa ba ya karɓar ko dala don shafi ya fito a bincikensa. Wannan ƙaramin layi shi ne mafakarsu: in ka yi ƙorafi, su ce ai sun faɗa maka.

Gaggawar ma ƙarya ce. Ga suna irin namu mai ƙarewa da `.com`, ƙa'idar ICANN, hukumar da ke kula da sunayen shafukan intanet, ta wajabta wa kamfanin da ke riƙe da shi ya tunatar da kai kusan wata ɗaya kafin ranar, ya sake tunatarwa saura kusan mako. Ko an goge sunan, akwai kwana 30 na fansa, sai dai da tsada. Tun daga nan ba na taɓa maɓallin biya a cikin saƙo. Ina shiga asusunmu na kamfanin da kaina, in akwai bashi a can zan gan shi.

Ɗan'uwan wannan saƙo ya zo bayan mun dawo daga wani baje koli, kuma ya fi shi mugunta don bai ambaci kuɗi a sama ba. Fom ne na kundin adireshin 'yan kasuwa, an riga an cike sunanmu, da kuskure a lambar waya. Wai mu gyara kyauta, mu sa hannu, mu buga kashe mu mayar. Hannuna har ƙaiƙayi yake in gyara lambar, kuma ina jin don haka aka ɓata ta. A ƙasa: gyara kyauta ne, amma sa hannu odar talla ce ta shekara uku, yuro 980 kowace shekara, jimilla kusan sefa miliyan biyu ke nan. Wanda ya sa hannu, wasiƙun barazanar kotu ne za su yi ta bin sa.

Yanzu akwai shafi guda a bayan littafin lissafi: abin da muke sabuntawa, wanda muke biya, nawa, da wata. Layi shida ne kacal. Fom ɗin kuwa Alhaji ya karɓa ya juya bayansa, ya rubuta awon takalmin wani baƙo daga Magarya.