Notin rariyar sinki da ya ƙi juyawa

Har yau idan na leƙa ƙarƙashin sinkin kicin ɗinmu na hango wannan ɗan lanƙwason da ke bakin ramin, sai raina ya sosu, domin da hannuna na yi shi, kuma babu abin da ya tilasta mini. Rariyar sinkin ce ta fara yoyo, irin rariyar nan mai kwando da ke zama a rami mai faɗin inci 3 da rabi. Na riga na sayo sabuwa, tsohuwar kuwa jefarwa zan yi. Duk da haka na ɓata kusan awa uku ina kokawa da notinta kamar wani abu ne da zan sake amfani da shi.

Fayif ɗin ƙasa bai ba ni wahala ba, ƙaramin notinsa na roba da hannu ma ya kwance. Da na zo kan babban notin da ke matse rariyar da jikin sinki, mai ƴan kunnuwa a kewaye, sai na tarar ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa toka. Tun a nan ya kamata in gane abin da ke gabana. Notin na tutiya ne, kuma shekara da shekaru ruwa yana tsiyayowa ta ƙarƙashin foti, wato ƙullin da ake liƙe leɓen rariya da bakin rami da shi, wanda ya bushe ya tsattsage, yana bin zaren rariyar yana jiƙa shi. Tutiya idan ta ci ruwa haka sai ta yi wannan farin gari, garin ya kumbura ya cike tsakanin zare da zare, noti da rariya su zama abu ɗaya. Na fesa man kwance tsatsa, na jira rabin awa, na sake fesawa. Man ya riƙa gangarowa ta waje yana ɗiga mini a hannu, domin babu ƙofar da zai bi ya shiga.

Na kama notin da babbar filaya na murɗa, sai na ji ya motsa. Na yi murna, na ci gaba da juyawa, amma notin bai sauko ko kaɗan ba. Ashe rariyar gaba ɗaya ce take juyawa tare da shi. Wanda yake kwance a ƙasa ba ya saurin gane wannan, shi ya sa yanzu nake cewa a ja layi da alƙalamin maka tun daga jikin notin har kan rariyar kafin a taɓa komai. Idan an murɗa layin ya rabu biyu, noti ne ke kwancewa. Idan layin ya tafi a haɗe, aikin banza ake yi. Sannan a tabbatar da wajen da ake juyawa: kana kwance kana kallon sama, notin yana kwancewa ne saɓanin tafiyar hannun agogo. Wannan kam ban kuskure ba, amma na san mutane da yawa suna ƙara ɗaure shi ne suna zaton kwancewa suke yi.

Sai na kira ƙanena ya riƙe mini ta sama. Dabarar sananniya ce: a zura hannuwan filaya biyu cikin ramukan gicciyen ƙarfen da ke gindin rariyar, a saka doguwar sukundireba a tsakaninsu, mutum ya danne. Ya danne, na ja da ƙarfina, sai muka ji ƙas.

"Yaya, ƙarfen ya karye fa," in ji shi.

Gicciyen nan siriri ne, an yi shi ne don ya tare tarkace ya riƙe kwando. Yana iya jure ɗaurin sabuwar rariya, amma ba zai iya da notin da ya shekara goma a maƙale ba. Da ya karye, babu sauran abin riƙewa ta sama.

A nan ne na yi kuskuren da ya fi ci mini rai. Na ɗauko guduma da tsohuwar sukundireba, na kafa bakinta a kunnen notin na fara duka. Ba a banza mutane suke yin haka ba, idan noti ya ɗan cije ne kawai, duka biyu ko uku marasa ƙarfi sukan girgiza shi ya saki. Ni kuwa da na ga bai saki ba sai na ƙara ƙarfi. Wurin matsattse ne, ba yadda za ka riƙe sukundireba a kwance sosai, dole bakinta ya ɗan kalli sama, saboda haka rabin kowane duka a gindin sinkin yake ƙarewa. Kunne ɗaya ya ɓalle, na koma na biyu, shi ma ya ɓalle. A na uku sukundireba ta zame ta daki ƙarfen sinkin daidai bakin rami. Ƙarfen irin wannan sinki kaurinsa bai cika kai milimita ɗaya ba. Ban ma duba ba a lokacin, hankalina yana kan noti. Da sinkin tangaran ne, da tsagewa zai yi, aikin ya ƙare a nan.

Wani dattijo maƙwabcinmu da ya daɗe yana gyaran famfo ya ji bugun ya shigo. Ya karɓi tocila ya haska, ya lakaci farin garin ya murza a yatsunsa.

"Ɗana, wannan rariyar za ka mayar da ita ne?"

Na ce, "A'a Baba, ga sabuwa can."

Ya ce, "To me ya haɗa ka da kwance noti? Yanka shi."

Na ji kunya, na kuma ji haushi, don zarton ƙarfe yana nan cikin akwatin kayan aikina tun safe.

Ga yadda yankan ya kasance. Zarto da marikinsa ba ya shiga wurin, sai na cire ruwan zarton kaɗai, mai ƙananan haƙora 24 a kowane inci, na naɗe gefe ɗaya da tsumma na riƙe. Na juya shi yadda haƙoran za su ci idan na jawo, domin in ka ce turawa za ka yi, ruwan zarto marar mariƙi lanƙwashewa yake yi. Ba a iya yanka notin a tsaye, gindin sinki ya tare hanya, sai dai a karkace, daga gefen ƙasa na notin a nufi sama a gicciye. Na zaɓi wuri tsakanin kunnuwa inda ƙarfen ya fi siriri. Ƙanena ya danne rariyar ta sama da tafin hannu kawai, yanzu ba a bukatar ƙarfi tunda ba murɗawa ake yi ba. Garin ƙarfe yana zubowa kai tsaye a fuska, don haka tabarau dole ne, ni sai da ya shiga mini ido sau ɗaya na tashi na nemo.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne laushin tutiyar. Notin da guduma ta kasa, zarto yana shiga cikinsa ba gardama. Idan haƙoran suka taɓa zaren rariyar babu komai, ai ta shara ce. Abin kiyayewa ɗaya ne, kada zarto ya kai ga sinkin. Tsakanin noti da sinki akwai zoben kwali da zoben roba, su ne shingenka. Dattijon ya ce in riƙa duba abin da ke zubowa: muddin gari mai launin toka ne, in ci gaba, da zarar na ga baƙin ɓarɓashin roba, in tsaya. Haka na yi. Ba sai an raba notin gaba ɗaya ba. Da ya rage ɗan siriri, na saka bakin sukundireba mai faɗi cikin tsagar na murɗa, sai ya fashe da ƙara, ya buɗe baki. Wani notin sai an sake yanka shi ta ɗaya gefen ya rabu gida biyu, musamman na tagulla da ke lanƙwasa maimakon ya karye. Nawa da tsaga ɗaya ya saki, na zare shi da yatsu. Duka yankan bai wuce minti ashirin ba. Na tura rariyar daga ƙasa ta fito, busasshen foti yana zubowa kamar ɓawon ƙasa.

Sai da na kankare bakin ramin na goge shi tas sannan na ga ɓarnar da na yi. Daidai inda sukundireba ta zame, ƙarfen ya tasa sama, tsawon wurin kamar faɗin yatsa biyu. Na ɗora gefen rula a kai, na haska tocila ta baya, haske yana wucewa ta gefe da gefen tudun. Duk da na gani, sai na yi wa kaina fatan foti zai rufe. Na murza fotin ya yi kamar igiya mai kaurin fensir, na zagaya shi ƙarƙashin leɓen sabuwar rariyar, na danna, na saka zoben roba, na kwali a bayansa, na ɗaure noti. Na toshe sinkin na cika shi da ruwa, na shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙasa. Minti biyar ba a yi ba ɗigo ya sauka, kuma daga wurin nan ne dai. Leɓen rariya yana son shimfiɗaɗɗen wuri ya kwanta a kai. Inda tudu yake, sai ya hau kansa ya bar rata hagu da dama, ƙara ɗaure noti kuwa matse fotin kawai yake yi ya fitar da shi.

Na sake kwance komai. Gyaran lanƙwason ya ci lokaci fiye da cire tsohuwar rariyar da saka sabuwar a haɗe. Na samo katako biyu masu tauri da suka fi ramin faɗi, na huda tsakiyarsu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, na zura dogon bolti na riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan, ina kwancewa ina gwadawa da rula. Ragowar tudun na bi shi da ɗan bugu a hankali ta kan katakon sama, na ƙasa yana tokare. Ya kwanta sosai, amma ƙarfen da ya riga ya miƙe ba ya komawa daidai yadda yake. Dole na bar foti na koma silikon, wanda ya fi iya cike ƴar rata, na bar sinkin kwana guda cur ba a zuba masa ruwa ba kafin ya kama. Na san kuma duk ranar da za a sake cire wannan rariyar, sai an bi ta da wuƙa an yanke silikon ɗin, wahalar da foti ba ya sa mutum.

Da zan sake, gwajin filaya sau biyu zan yi bayan mai ya jiƙa, tare da mai riƙewa a sama. In layin maka bai rabu ba, ko na ga farin garin nan a zare, zarto zan ɗauka kai tsaye, guduma ba za ta fito daga akwati ba. Kafin in ɗaure sabon notin na shafa wa zaren ɗan giris na famfo, kuma na tsaya da ɗauri da zarar roba ta matsu, ban bi shi da ƙarfi ba. Wata biyu ke nan, takardar da na shimfiɗa a ƙasa tana nan a bushe, ina dai ɗaga ta in duba duk lokacin da na buɗe wurin.