Yau dai shafin aji uku ya daina fitowa kamar tururuwa

'Yan'uwa masu koyo, jiya sai bayan isha na rufe kwamfuta, amma alhamdulillahi, sakamakon jarrabawar makarantarmu ya fito yadda nake so. Aji shida ne, kowanne da shafinsa a fayil ɗaya na Excel, kuma shugaban makaranta ya ce kowane aji a ba shi PDF ɗinsa daban.

Karon farko ban duba ba na kai aka buga mini a Ringim. Sunayen yara a takarda ɗaya, jimla da matsayi a wata takardar can daban. Kuɗin bugu da na acaɓa duk sun tafi a banza, abin ya ci mini rai.

Wannan bai ba ni wuya ba. A Page Layout na mai da Orientation zuwa Landscape, Size na sa A4, Width na zaɓi 1 page, Height kuma na bar shi a Automatic. Kada ku sa Height shi ma 1 page in ajin na da yara da yawa, zai matse komai. Aji biyar suka zauna daram.

Aji uku ne ya ƙi. Saiti iri ɗaya, amma rubutun ya ƙanƙance ya maƙale a kusurwar hagu ta sama, sauran takardar fari fat. Na canza Margins, na faɗaɗa rubutu, na rufe na sake buɗewa, shiru. Kwana biyu ina fama, ga cajin sola ba ya kai ni ko'ina. Sai na lura akwatin Scale na nuna 24%, alhali sauran azuzuwan suna wajen 80%. Ashe Excel wani faɗi yake gani wanda ni ban gani ba.

Na danna Ctrl+End, sai ga ni a ginshiƙin AZ, ni da jadawalina ya ƙare a N. Da na bi ginshiƙin na yi sama, wani ɗigo ne guda ɗaya a AZ7, wataƙila hannuna ne ya taɓa. Saboda shi Excel ke cusa ginshiƙi 52 a faɗin takarda maimakon 14! Na zaɓi O har AZ na yi Delete, na yi Save, sannan na zaɓi A1 zuwa N63 na danna Set Print Area don kada a maimaita. Nan take Scale ya koma 79%.

Da yake ajin ya kai takarda biyu, a Print Titles na cika Rows to repeat at top da `$1:$3`, kan jadawalin ya bayyana a ta biyun ma.

Wajen ajiyewa, Save As, PDF, a Options ku tabbata Active sheet(s) ne, ba Entire workbook ba. Ɗaya bayan ɗaya na yi su, sau shida. Gobe in sha Allahu zan koma Ringim, amma sai na buɗe kowanne a waya na gani tukuna.