Yadda nake sanar da ɗan haya kafin mu shiga gyara

Gidan hayarmu da ke Unguwar Rogo ni nake kula da shi tun rasuwar Baba. Bana kafin ruwan Afirilu ya sauko na lura silin ɗin falon ɗaya daga cikin ƴan haya ya yi tabo har ya fara lotsawa, kafinta ya ce sai ya hau ta cikin ɗakin ya gano inda kwanon ke yoyo, kun ga dole a shiga ke nan.

Ni dai a wajena muddin kuɗin mutum bai ƙare ba ɗakin nasa ne, ina da sifiyar makulli amma ba ta ba ni ikon buɗe masa ƙofa ba. Yarjejeniyar da muka sa wa hannu ta ce awa 48, ni mako guda nake bayarwa, don ma'aikaci ba ya samun izinin fashin aiki a kwana biyu. Ga abin da na tura masa ta WhatsApp:

"Salam Malam, ya iyali? Ba maganar ƙarin kuɗi ko tashi ba ce, gyara ne. Ran Talata mai zuwa in Allah ya kai mu, daga 10 na safe zuwa 1 na rana, zan zo da kafinta da yaronsa a duba silin ɗin falo a canza fallen kwanon da ya huje. Falo kawai za mu shiga. Don Allah a matsar da talabijin da kujeru saboda ƙura. Kuɗin aikin a kaina ne. In ranar ba ta yi maka ba ka zaɓi wata cikin makon, kuma ka amsa min in san ka gani."

Layin farkon nan kar ku raina shi, ɗan haya da ya ga dogon saƙo daga mai gida gabansa faɗuwa yake yi. Sannan "zan shigo cikin satin nan" ba sanarwa ba ce, kawai ka ɗaure mutum ne a gida yana jiranka.

Wanda sunansa ke kan takardar haya shi nake tura wa, kuma a nan ma batun su wa za su shigo ya fi komai, gida ne na matan aure, ba za ka kwaso maza uku ka faɗa wa matar mutum yana kasuwar Terminus ba. Ɗan hayan nan shi ya ce min a mayar Asabar yana gida, aka mayar. Juma'a da rana ba na sakawa, masu zuwa coci kuma ba na taɓa musu safiyar Lahadi.

In ba a amsa ba ina kira a waya, in kuma bar takarda a hannun wani babba a gidan, alamar an karanta ba amincewa ba ce. Gaggawa ce kawai daban, fayif ya fashe ko wayar wuta na hayaƙi, nan sai in kira shi nan take, in bai ɗauka ba in shiga da maƙwabci a matsayin shaida, in ɗau hoto, in rubuta masa abin da aka taɓa da lokacin da aka fita.